Sito ya ƙone, inshora tana nan: ina sauran diyyar ta maƙale?

Abin da ya fi ba ɗan kasuwa takaici bayan gobara, in ka cire ita kanta gobarar, shi ne ranar da takardar kamfanin inshora ta iso. Mutum ya shekara yana biyan kuɗi bai taɓa fashi ba, wuta ta cinye masa kaya na miliyan hamsin da wani abu, sai ya buɗe takarda ya ga an rubuta talatin da huɗu. Nan take zai ce an cuce shi. Wani lokaci da gaske an cuce shi ɗin, domin kamfanonin ma ba waliyyai ba ne. Amma sau da yawa wannan adadi ya fito ne daga lissafin da ke cikin yarjejeniyar tun ranar da ya sa hannu, shi ne dai bai taɓa zama ya buga shi ba. Wannan lissafi nake so mu bi sannu a hankali, da misalin mutum ɗaya daga farko har ƙarshe.

Tushen maganar shi ne inshorar dukiya ba ta yi alkawarin ba ka riba ba. Alkawarinta ta mayar da kai inda kake kafin asara, ba sama ba. Tsohuwar ƙa'ida ce, wata kotun Ingila ta fayyace ta tun 1883 a wata shari'a kan gidan da ya ƙone, kuma yawancin ƙasashen duniya a kanta suke tafiya. Tsarin takaful ma, wato inshorar Musulunci, duk da ya bambanta wajen yadda ake tara kuɗin da wanda ya mallake su, idan aka zo auna asara haka yake yi. Ga mai kayan sayarwa ma'anar ita ce za a kimanta kayanka da kuɗin da za ka kashe ka sake sayo irinsu, haɗe da kuɗin dako da na kwastan in akwai. Farashin da ka yi niyyar sayarwa ba ya shiga. Ribar da ka rasa saboda an rufe sito wata uku tana da tata inshorar daban, ta katsewar kasuwanci, wanda kuma bai saye ta ba babu abin da zai nema a kai.

To mu ɗauki wani dillalin kayan lantarki: fanka, wayar wuta, ƙwan fitila, soket da makamantansu, a sito ɗaya babba. Ba sai mun ambaci wane irin kuɗi ba, kowa ya sa na ƙasarsa, lissafin ba ya canzawa. A farkon shekara ya ƙirga kayansa ya samu na miliyan 40 a farashin saye. Ya ce bari ya ɗan ƙara saboda halin yau da gobe, ya yi inshorar miliyan 50. A ganinsa ya yi dabara. A watan Satumba, bayan ya cika sito maƙil don cinikin ƙarshen shekara, wata waya ta yi tartsatsi da dare.

Kamfani zai turo mai tantance asara. Yana da kyau a san matsayin mutumin nan: kamfani ne ke biyansa, ko da yake ƙa'idar aikinsa ta ce ya yi adalci tsakani. Tambayarsa ta farko ba ta kan abin da ya ƙone ba ce. Zai tambaya kaya na nawa ne a siton gaba ɗaya a daren da abin ya faru. Dillali yakan yi mamaki, ya ce ina ruwanka da wanda bai ƙone ba? Amsar tana tafe, amma kafin nan sai an samo adadin, kuma toka ba ta ƙirguwa.

Wanda yake da na'urar da ke rage kaya daga lissafi duk lokacin da aka sayar, kuma bayanan suna ajiye a wani wuri da wutar ba ta kai ba, aikinsa ya yi sauƙi. Dillalinmu ba shi da wannan. Abin da yake da shi takardar ƙirgar farkon shekara, rasit-rasit na sayayya, da littafin ciniki da akantansa ke riƙe da kwafinsa. Da waɗannan ake sake gina siton a kan takarda. A ɗauki kayan farkon shekara, miliyan 40. A ɗora duk abin da ya sayo daga Janairu zuwa ranar gobara, a ce miliyan 160. Ke nan kaya na miliyan 200 sun ratsa ta hannunsa. Sai a cire abin da ya fita. Littafin ciniki ya nuna ya sayar da na miliyan 150, amma wannan farashin sayarwa ne, da riba a ciki, dole a cire ribar kafin a haɗa shi da sauran. Asusunsa na shekarun baya ya nuna cikin kowane ɗari da ya karɓa a ciniki, ashirin riba ce. Saboda haka kayan da ya sayar miliyan 150, shi miliyan 120 ya saye su. A cire 120 daga 200, saura miliyan 80. Wannan shi ne abin da takarda ta ce yana cikin sito a daren.

A wannan gaɓa akwai wani tuntuɓe da nake yawan gani, har ga masu ilimin lissafi. Dillalin zai ce ai shi kashi 25 yake ɗorawa. Gaskiyarsa: ya saya 80, ya ɗora 20, ya sayar 100. Ashirin a kan tamanin kashi 25 ne, amma ashirin a cikin ɗari kashi 20 ne. Riba ɗaya ce, ma'auni biyu. In aka yi kuskure aka cire kashi 25 daga cinikin miliyan 150, za a samu 112.5 maimakon 120, siton ya kumbura ya zama 87.5. Miliyan bakwai da rabi na kayan da ba su taɓa wanzuwa ba. Mai tantancewa zai gano, kuma daga lokacin zai fara kallon duk wata takarda taka da ido biyu.

Wannan hanya ta dogara kacokan a kan cewa littattafan gaskiya suke faɗa. Wanda ya saba sayo kaya hannu da hannu ba rasit, waɗannan kayan ba za su fito a lissafi ba, sun ƙone a banza. Wanda kuma ya saba ɓoye wani ɓangare na ciniki don gudun haraji, takarda za ta nuna kayan suna nan alhali sun daɗe da fita, sai siton ya yi girman da ginin ma ba zai ɗauka ba. Masu tantancewa sun san wannan sarai. Sukan auna faɗin sito da tsayin da kwalaye suka kai, wanda baƙin hayaƙi kan zana a bango, su buga kwali nawa wurin zai ci. Sukan tona toka su ƙirga abin da wuta ba ta iya cinyewa: injin fanka, ƙarfen soket, dunƙulen tagulla da ya rage bayan robar waya ta narke. In takarda ta ce fanka dubu uku, tarkace kuma ya nuna inji ɗari takwas, magana ta ƙare. Sukan kuma duba bayanan banki su ga ko kuɗin da ya fita zuwa masu kawo kaya ya yi daidai da rasit.

Bayan haka sai gyare-gyare, kuma kowanne yana iya motsa adadin. Kayan da aka rubuto rasit ɗinsu amma suna kan hanya ba su iso ba, a cire su. Kayan wani da aka ajiye amana ko aka ba ka ka sayar masa, ba naka ba ne, sai in yarjejeniyar ta ambace su. Kayan da ke wani ɗaki da ka kama a bayan layi ba ka gaya wa kamfani ba, inshora ba ta san da su ba, domin adireshi take bi. Sannan kwantai: tsohon samfurin da ya shekara uku ba mai tambaya. Ka saye shi miliyan 5, amma yau miliyan 2 kawai za a taya, to 2 ɗin za a rubuta. Don kada lissafinmu ya rikice, mu ƙaddara dillalinmu ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan, tamanin ɗinsa ta tsaya.

An kashe wuta kafin ta kai ɓangaren baya, kaya na miliyan 20 sun tsira lafiya. Ke nan na miliyan 60 suka lalace. Cikin waɗanda suka lalacen akwai abin da za a iya sayarwa, tagulla da fankokin da kwalinsu kawai ya babbake, an samu mai saye a miliyan 4. Asara ta zahiri miliyan 56. Dillali ya duba ya ce to, inshorata 50 ce, a ba ni 50 in haƙura da shidan.

A nan ne sharaɗin da masu harkar ke kira abareji yake shigowa, kuma yana cikin mafi yawan yarjejeniyoyin gobara na kasuwanci. Abin da yake cewa: idan a ranar asara darajar kayanka ta fi adadin da ka yi wa inshora, to kai ne ka ɗauki inshorar ragowar da kanka, kuma duk asarar da ta zo za ku raba ta bisa wannan kaso. Kaya na 80, inshora ta 50. Kamfani ya ɗauki kashi biyar cikin takwas, dillali ya ɗauki uku cikin takwas bai sani ba. Biyar cikin takwas na miliyan 56 shi ne miliyan 35. Daga nan a cire ɗan kason farko da yarjejeniya ta ce mai kaya ne zai ɗauka a kowace asara, a ce miliyan 1. Saura 34. Ga takardar da ya buɗe.

Ni ban ga zalunci a asalin sharaɗin ba, ko da yake na san da ciwo. Yawancin gobara ba ta cinye kaya gaba ɗaya. Da babu shi, kowa zai yi inshorar rabin kayansa, ya biya rabin kuɗi, ya dogara cewa wutar ba za ta wuce rabi ba, wanda ya faɗi gaskiya ya biya cikakke kuma shi ne zai riƙa ɗauke musu nauyi. Inda nake ganin laifi shi ne wajen masu tallan inshorar da ke karɓar adadin da mutum ya faɗa da baki, su buga, su wuce, ba tare da sun tambaye shi a wane wata sitonsa ya fi cika ba. A Amurka akwai ɗan sassauci a irin wannan sharaɗi, inda galibi ake neman inshorar ta kai kashi 80 na darajar kaya kafin a tsira daga ragi. Dillalinmu ko a can bai tsira ba, domin kashi 80 na tamanin 64 ne, shi kuma 50 gare shi.

Akwai wani abu a lissafin nan da ba kowa ke lura da shi ba. Juya shi: 56 cikin 80 kashi 70 ne, kashi 70 na miliyan 50 kuma 35. Wato da zarar inshorarka ta gaza, abin da za a biya ka shi ne kason kayan da ya lalace, a buga shi da adadin inshorar. Ƙara wa kayan kuɗi ba ya amfanar da kai da komai. In ka ce ai komai ya ninka, asara ta zama 112, sito ya zama 160, kaso yana nan 70, diyya tana nan 35. Abin da kawai ka ƙara shi ne haɗarin a kama ka da ƙarya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne: kusan kowace yarjejeniya tana cewa wanda ya yi maguɗi a neman diyya ya rasa ta gaba ɗaya, har da ɓangaren da yake na gaskiya. A Birtaniya dokar inshora ta 2015 ta rubuta hakan ƙarara. Wannan kason kuma shi ne dalilin da ya sa mai tantancewa ya damu da kayan da ba su ƙone ba. Duk kwalin da aka sulale da shi daga ɓangaren da ya tsira kafin ya iso yana ƙara kason, shi ya sa ƙirga su yake fara yi.

Maganin kayan da ke hawa da sauka ya daɗe da samuwa. Ana yin yarjejeniyar da za ka sa adadin inshora a kan mafi yawan abin da sitonka zai taɓa ɗauka, a ce miliyan 90, ka biya wani kaso na kuɗin a farko, galibi uku cikin huɗu, sannan duk wata ka aika wa kamfani darajar kayan da ke ƙasa. Ƙarshen shekara a ɗauki matsakaici, a mayar maka da rara ko ka cika. Amfaninta biyu ne. Ba ka biyan kuɗin miliyan 90 a watannin da kayanka 40 ne, kuma kowane wata kana barin shaida a hannun kamfanin da kansa. Tarkonta shi ne wanda ya riƙa faɗin ƙasa da gaskiya don ya rage kuɗi, za a rage masa diyya daidai da yadda ya rage a sanarwarsa ta ƙarshe. Wanda kuma ya manta bai aika ba, yawanci a ɗauka kamar ya faɗi adadin ƙoli a wannan wata.

Ruwa kuwa labarinsa daban. Ruwan da 'yan kwana-kwana suka feso, da hayaƙi, da bangon da aka fasa don a kai ga wuta, duk asarar gobara ce, tunda wutar ce sila. Amma ambaliya ba ta cikin yarjejeniyar gobara zalla. Sai an ƙara ta da suna, an biya kuɗinta, kuma a wuraren da ruwa ya saba ci kamfani kan ƙi, ko ya sa kason farko mai nauyi. A Amurka har gwamnati ta kafa shirin inshorar ambaliya na ƙasa a 1968 saboda kamfanoni sun janye jiki, kuma a shirin sai an jira kwana 30 kafin sabuwar yarjejeniya ta fara aiki, don kada mutum ya ga hadari ya ruga ya saya. Ko an ƙara ta, kalmomin suna da iyaka. Ruwan da ya malalo daga kogi ko magudana, ruwan da ya zubo ta rufin da iska ta yaye, bututun da ya fashe, da danshin da ke tsatsowa ta ƙasa a hankali, abubuwa huɗu ne a idon inshora, na ƙarshen kuma kusan ba a taɓa biya.

Sai wani ɗan layi da ke kashe mutane da yawa: sharaɗin ɗaga kaya daga ƙasa. Yarjejeniya kan ce dole kaya su kasance a kan katako ko kanta, santimita 10 ko 15 sama da daɓe, musamman a ɗakin ƙasa. Ka shiga sito bayan ruwa ya janye, za ka ga layin laka a bango, a ce ya kai santimita 8. Kwalayen da ke kan katako ƙalau suke. Waɗanda yaran sito suka jibge a daɓe ranar da mota ta zo da yamma, da niyyar gobe a gyara, na ƙasa ya sha ruwa ya yi laushi, na sama ya rufto a kansa. Mai tantancewa zai ɗora ma'auni a jikin layin lakar ya ɗauki hoto, kuma wannan hoton kaɗai ya isa a ƙi biyan kwalayen. In ruwan ya kai mita guda kana da hujjar cewa katako ba zai hana komai ba, dokokin wasu ƙasashe ma suna goyon bayanka, amma ba ko'ina ba.

Bambancin ambaliya da gobara wajen shaida shi ne kayan suna nan, ana iya ƙirga su. Kuskuren da ake yi shi ne gaggawar kwashewa. Wari ya tashi, mai kaya ya kira mota a zubar, mai tantancewa ya zo ya tarar da sito a share. Ana sa ran ka yi ƙoƙarin rage asara: ka raba busasshe da jiƙaƙƙe, ka janye ruwa, ka rufe rufi, ka ajiye rasit na duk abin da ka kashe. Amma zubarwa ko sayarwa sai da izinin kamfani a rubuce. In dole ta sa, a yi hoto da bidiyo layi-layi, lambar kaya tana fitowa, a ƙirga gaban shaida, a ajiye samfuri. Sanar da kamfani kuwa nan take ne, cikakken bayani kuma yawancin yarjejeniyoyi kwana 30 suke bayarwa, kowa ya duba tasa.

Duk wannan ya koma kan tambaya ɗaya: takardun suna ina a daren? A ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin gobara a Amurka sukan sa sharaɗi cewa ɗan kasuwa ya ƙirga kayansa duk shekara, ya ajiye littattafansa cikin akwatin ƙarfe da wuta ba ta ci ko a wani gini daban, in bai yi ba babu diyya. Yau akwatin ya zama kwafi a intanet ko a ofishin akanta, amma har gobe ana samun wanda kwamfutarsa da rasit ɗinsa da takardar inshorar kanta duk suna ofis ɗin da ke kusurwar siton. Abin da dillalinmu ya tsira da shi abubuwa uku ne da ba sa cikin ginin: takardar ƙirga mai kwanan wata da sa hannun waɗanda suka ƙirga, wadda ta nuna kowane kaya da adadinsa da farashin sayensa, kwafin littafin ciniki, da asusun shekarun baya da ya tabbatar da kason riba. Rasit ɗin da suka ƙone ya nemo kwafinsu daga masu kawo masa kaya, bayanan banki suka mara musu baya. Da ƙirgar tasa ta shekara uku da suka wuce ce, sai an bi cinikin wata talatin da wani abu kafin a iso daren gobara, kuma kuskuren kashi 2 kacal a kason riba, a kan cinikin da ya kai miliyan 600, miliyan 12 ne. Wanda ke ƙirga kowane wata uku, kuskure iri ɗaya a kan cinikin miliyan 50 miliyan 1 ne kawai, kuma a nan mai tantancewa ba shi da filin da zai ja da shi sosai.